Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ƴan kasuwar Dole da masu butik na Damagaram: a kan omo, magi da man da ke cikin bido

Assalamu alaikum, Alhazai manyan dillalai, da ƴan'uwana masu butik da masu tebur.

Ni ɗaya ne daga cikinku. Na haura shekara 20 ina zaune a butik ɗina a Zango, kuma mafi yawan kayan da ke kan katakona daga hannunku nake sarowa a Dole. Na rubuto ne a kan wata magana da muke furtawa sau ɗari a wuni ba mu taɓa tsayawa mun dube ta ba. Yaro ya shigo da kuɗi a dunƙule a hannu, ya ce, "Baba, an ce a ba ni omo na dala 10 da magi 3." Sai in miƙa hannu in ba shi. Sau da yawa abin da na ƙulla masa ba Omo ba ne, wanda na ƙirga masa kuma ba Maggi ba ne. Shi bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi niyyar cuta ba, amma tsakanin abin da bakinsa ya faɗa da abin da hannuna ya ba shi akwai rata, kuma na ga ratar nan ta cutar da mutane.

Kun san asalin waɗannan kalmomi. Omo sunan garin wanki ne na kamfanin Unilever. Maggi sunan mutum ne, Julius Maggi, ɗan ƙasar Suwizalan, wanda kamfaninsa ya fito da dunƙulen a 1908, daga baya ya haɗe da Nestlé a 1947. Makilin da muke ce wa kowane man goge haƙori daga Macleans ya fito, basilin daga Vaseline, famfas daga Pampers. Ɗan lakwal ya ce a ba shi bik, ko da alƙalamin bai taɓa ratsa masana'antar Bic ba. Har na gida muna da shi: duk madarar leda mai sanyi solani muke ce mata, alhali Solani sunan kamfani guda ne a Yamai.

Da na daɗe ina lura, sai na gane ba kowane suna ke samun wannan sarauta ba. Kaya ne sabo fil ya zo gari, ya tarar ba mu da sunan da za mu kira shi, sai mu ɗauki wanda ke jikin kwalinsa. Kafin garin wanki ya zo muna da sabulu, na salo da na kanti, amma sabulu dunƙule ne da ake gogawa a tufa. Gari mai narkewa a ruwa ya yi kumfa, wannan ba mu da shi, shi ya sa wanda ya fara cika kasuwa ya ba shi suna. Haka dunƙulen miya. Iyayenmu suna da daddawar kalwa da ta batso, sai dai wannan ɗan ƙaramin abu mai kusurwa huɗu cikin takarda mai ƙyalli bai yi kama da daddawa ba ko a ido ko a hanci, don haka kalmar daddawa ba ta karɓe shi ba. Ku duba kuma inda muke da suna tun fil azal: gishiri, sukari, shinkafa, ashana. Kamfanoni nawa suka zo suka wuce, babu wanda ya iya kore waɗannan kalmomi. Sabulun dunƙule ma haka. Komai farin jinin Lavibel a ƙasar nan, sabulu dai sabulu ne, iyaka a ce sabulun kaza.

Harshe kuma yakan gyara sunan ya zauna masa daidai. Ba ma son baƙaƙe biyu a jere ba wasali, ba ma cika son kalma ta ƙare da tarin baƙaƙe, shi ya sa Macleans ya koma makilin. Da zarar suna ya yi wannan wankan, ya zama namu, har wanda bai taɓa ganin rubutun asalin ba zai faɗe shi daidai.

Akwai hanya mai sauƙi da za ku gane sunan ya riga ya bar hannun mai shi. Ku saurari lokacin da mace za ta ce "wane irin magi gare ka?" ko ta ce "magin Jumbo nake so", ko "omon Klin". In da har yanzu sunan kamfani ne a kunnenta, wannan magana ba za ta yi ma'ana ba. Kun ji kuma ana cewa farin magi, ana nufin farin gari mai sheƙi irin na Ajinomoto, wanda asalinsa Japan ne tun 1909, ba shi da wata alaƙa da gidan Maggi. Kalmar da ta karɓi siffa, ta karɓi "-n" na mallaka, ta zama kalmar Hausa kamar tukunya da ludayi.

Ban zo in ce a daina faɗa ba. Babu sarkin da zai hana, ni kaina gobe da safe omo zan ce. Abin da nake so mu yarda da shi shi ne wannan: ranar da suna yake na kamfani guda, alkawari ne. Wanda ya ce Omo ya san nauyin da zai samu, ya san ƙarfinsa, ya san wanda zai zarga in bai yi ba. Ranar da sunan ya zama na kowa, alkawarin ya fita daga cikinsa, amma mai saye bai ji fitarsa ba. Kunnensa na nan yana jin tsohon amincin. Mu da ke tsaye tsakaninsa da buhu, mu kaɗai muka san abin da ke ciki.

Bari in faɗa muku abin da ya faru a butik ɗina. Wata shekara na saro buhun garin wanki mai arha, fari da ɗigo-ɗigon shuɗi, buhun ba adireshi ba sunan ƙasa. Wanda ya sayar mini ya ce, "Omo ne, Malam, mai kyau." Na zo na zauna da yarana muka ƙulla shi a leda na dala 5 da na dala 10, muka rataye. Akwai wata baiwar Allah, bazawara mai ƴaƴa, da ke wanki da guga a gidajen ma'aikata, kullum wurina take saye. Bayan mako biyu ta zo ta shimfiɗa mini hannuwanta a kan tebur ba ta ce komai ba. Tsakanin yatsun duk ya tsattsage, gefen farce ya yi ja, fatar tafin tana saɓulewa. Sannan ta ce, "Malam, omonka ya canja." Ta yi mini lissafi. Da, ƙulli 1 na dala 10 yana wanke mata bahon kaya guda. Yanzu sai ta zuba 3 kafin dattin wuyan riga ya saki, dala 30 ke nan a maimakon 10. Garin kuma yana barin fari-fari a jikin shadda mai duhu, dole ta ƙara ɗauraya sau biyu. Kun san Damagaram da ruwa. A watannin zafi bidon ruwa ba kyauta ba ne, ga jiran mai kura. Arhar da na samu a buhu, ita ta biya ta, da kuɗinta da ruwanta da fatar hannunta.

Daga ranar na koyi gwada gari kafin in saya, kuma gwajin ba ya cin minti 5. Ku sami kofin gilashi, ku cika da ruwa, ku zuba cokali 1, ku motsa sosai, ku ajiye. Gari mai kyau yakan narke kusan duka, ruwan ya yi santsi a yatsa. Wanda aka cika da abin ƙara nauyi zai bar laka ko tsakuwa-tsakuwa a gindin kofi. Ku tsoma yatsu ku ɗan jira: in kun ji zafi-zafi kamar kanwa ta taɓa ƙurji, soda ta yi yawa, ita ce ke cin hannu. Kada kumfa ta ruɗe ku. Kumfa daban, wanki daban, ana iya sa gari ya yi kumfa har ta zubo alhali bai iya ɗaga maiƙo. Gwajin gaskiya shi ne ƙyalle: ku ɗiga mai a tsumma biyu, ku wanke ɗaya da wanda kuka sani, ɗaya da sabon, cokali daidai da cokali, ku shanya ku duba. Sauran buhun nan ban ƙara ƙulla shi ba. Na sayar wa mai wankin babura, na kuma gaya masa ko mene ne.

Maganar magi ta fi wannan nauyi a wurina, domin ita cikin ciki take shiga. Mu nan Damagaram kasuwa biyu ke ciyar da mu. Ta hanyar Kano ƙananan dunƙule ke zuwa, masu giram 4. Ta yamma kuma manya ke zuwa, masu faɗi, giram 10. Duka magi muke ce musu. Kusan rabin nauyin dunƙule kuwa gishiri ne, wani ya ɗan fi, wani ya ɗan gaza.

Akwai wata Hajiya maƙwabciyata mai hawan jini, tansiyo kamar yadda muke cewa. Gidanta mutum 6 ne, jikanyarta ke girki, kuma tun tana ƙarama aka koya mata magi 3 a tukunyar miya. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, ƙananan suka yi wuyar samu a wurina, na koma sayar da manya. Yaron gidan ya ci gaba da zuwa yana cewa magi 3, ni kuma na ci gaba da ƙirga masa 3. Ku yi lissafin tare da ni. Ƙanana 3 giram 12 ne, gishirin ciki wajen giram 6, in aka raba wa mutum 6 kowa ya sami giram 1. Manya 3 giram 30 ne, gishiri wajen giram 15, kowa giram 2 da rabi a miya guda. Miyar rana da ta dare, giram 5 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi babba kada ya kai giram 5 na gishiri a wuni gaba ɗaya. Wato Hajiya ta cinye rabonta na ranar daga dunƙule kaɗai, tun kafin a lissafa gishirin da yarinyar ke barbaɗawa da hannu, da na kanwa, da na burodin safe. Ba wanda ya yi ƙorafi a gidan, don miya ta ƙara ɗanɗano ne.

Sai da ta je awo likita aka tarar tansiyon ya hau, malamar ta tambaye ta abin da take ci, ta ce mata ta rage magi. Nan ne kalmar ta sake yi mata illa ta wata fuska. Suka daina sayen dunƙule, suka koma garin ɗanɗano na leda mai hoton kaza, tunda shi ba a ce masa magi. Alhali shi ma gishiri ne ginshiƙinsa. Da na gane, na ɗauki ledar na je har zaure na karanta wa ɗanta jerin abin da ke ciki. A ƙa'ida abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, kuma kalmar farko a jerin gishiri ce. Ban ce ni na san dukan dalilin ciwonta ba, wannan aikin likita ne. Abin da na sani shi ne na yi watanni ina ba gidan ninki biyu da rabi na abin da suka saba, kuma kalma ɗaya daga bakina, "waɗannan manya ne, 1 ya isa", da ta wadatar.

Mai kuwa labarinsa ya juya ne. Muna da kalmar mai tun kaka da kakanni, don haka babu kamfanin da ya haɗiye ta. Za ka ji an ce man Dinor ko man Turkey, sunan yana bin bayan mai kamar laƙabi. Amma abu biyu sun faru. Na farko, "man gyaɗa" da kansa ya zama sunan kowane farin man girki. Ƙasar nan ƙasar gyaɗa ce, iyayenmu mata sun san man da suke matsewa in suna ƙuli-ƙuli, shi ya sa duk man da ya zo ruwan ɗorawa-ɗorawa muka sa masa wannan suna. Mafi yawan wanda ke cikin bido a kasuwa kuwa man kwakwar manja ne da aka tace aka cire masa ja. Hunturu ke tona asirinsa: cikin Disamba da Janairu ku dubi kwalaben da suka kwana a tebur, za ku ga sun yi gajimare, gindinsu ya yi fari kamar man shanu, sai rana ta fito su narke. Man gyaɗa na gaske irin sanyinmu ba ya cika sa shi barci haka, kuma ɗigo ɗaya a tafin hannu in ka murza, ƙamshin gyaɗa zai fito. Tataccen man ba laifi ba ne, halal ne, ana ci. Laifin shi ne a karɓi kuɗin man gyaɗa a kansa, ko a bar mai saye da zaton da ba haka ba.

Na biyu shi ne bidon kansa. Rawayan bido mai lita 25 yana da rai bakwai. Man asali ya ƙare, takardar sunan tana nan manne, sai a sake cika shi daga duro. Mace ta zo da kwalbarta, ta ga sunan a jiki, ta ce a auna mata wancan. Ku tuna man da aka rufe a masana'antun yankinmu ana ƙara masa sinadarin bitamin A, wanda ke kare idon yara da ƙarfin jikinsu, shi ne ma'anar tambarin ENRICHI da kuke gani. Man duro wanda ba a san mafarinsa ba, ba mai iya rantsuwa yana da shi. Ko mai shi ɗin ma, in aka juye a farar kwalba aka jera a rana wuni bayan wuni, haske na cinye bitamin ɗin. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Takardar da ke jikin bido ita ce saman tarinmu a yau.

A nan ne doka ma ta raba. Faɗar omo da baki ba laifi ba ne a ko'ina. Kamfanoni dai ba sa so, don suna tsoron abin da ya sami Bayer, kamfanin da ya fito da maganin asfirin, wanda kotun Amurka ta yanke a 1921 cewa asfirin ya zama sunan kowa a can. Amma zuba wani kaya cikin mazubi mai tambarin wani a sayar da sunansa, wannan jabu ne. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke rajistar tamburan kasuwanci na ƙasashe 17, rajistar kuma tana aiki shekara 10 ana sabuntawa. Na kawo wannan ne har saboda ƴan'uwanmu mata masu haɗa sabulun ruwa da garin wanki a gida. Ina ganin suna rubuta "omo" a jikin robarsu. Wannan suna ba zai taɓa zama nasu ba, kuma in kayansu ya yi kyau mai saye ba shi da abin da zai riƙe ya dawo ya neme su. Gara kowace ta sa sunan da ta ƙirƙira, ko da na ɗiyarta ne, da unguwarta a ƙasa.

To ga abin da nake roƙo, kuma da ku Alhazai zan fara, don daga wurinku kaya ke tasowa. In kun rubuta mana takardar saye, ku rubuta sunan da ke jikin buhu ko kwali da nauyinsa, kada ku rubuta "omo buhu 2" kawai. In buhun ba shi da suna ku gaya mana da baki, mu san irin cinikin da muke yi. Buhun da ba mai yi, ba adireshi, ba ranar lalacewa, ni dai na daina ɗauka, ina fata ku ma ku daina kawowa.

Mu masu ƙulli kuma, aikin bai kai na ƙulla leda ɗari wuya ba. In ka fasa buhu, yanke gefen da ke da sunan ka manna a jikin robar da kake ɗiba, ko ka rataye kusa da ƙullin. In kana da iri biyu kada ka gauraya, ka raba su, kowane da kuɗinsa, talaka ya zaɓa da idonsa a buɗe. Bidon da za ka sake cikawa da wani mai, ka kankare takardarsa tukuna, ka kuma janye kwalabe daga rana. In kaya ya canja a hannunka, kamar yadda dunƙule ya canja a nawa, ka faɗa wa yaron da aka aiko, ka sa ya maimaita, don ya kai saƙon cikin gida: "Ka ce wa Inna wannan babba ne." Mata da yawa ba sa fitowa kasuwa, abin da yaro ya riƙe a ka shi ne kaɗai takardar bayanin da ke isa murhu.

Ina roƙon shugabannin ƴan kasuwa su ɗauko wannan magana a zamansu na gaba, ko da minti 10 ne, a zo da kofin gilashi da cokali a yi gwajin a gaban kowa. In ana bukata zan zo da nawa, da dunƙule biyu, ƙarami da babba, da sikeli.

Matar nan mai wanki har yanzu wurina take saye. Takan tsaya ta dubi takardar da ke manne a robar, ko da yake ba ta karatun boko, ta gane ta da launinta. In ta ga launin ya canja sai ta tambaya, in gaya mata, ta ce to a ba ta na dala 5 ta fara gwadawa.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu halal.

Wassalam,
Ɗan'uwanku, mai butik a Zango, Damagaram.